Littafin Munsell, ƙaramin littafi, waya ko na'ura: da wanne za ka karanta launin ƙasa?

Malamin gona, ɗalibin kimiyyar ƙasa, ko mai shirin dasa lambu da ya kai ga rubuta launin ƙasa a takarda, yakan tsaya a wuri guda. Littafin launi na Munsell, wanda duk rahotannin binciken ƙasa ke amfani da lambobinsa, kuɗinsa ya haura dala 200 kafin a sa kuɗin kawowa da na kwastan. Sai wani ya ce akwai ƙaramin littafi mai araha, wani ya ce ga hoton shafukan a waya kyauta, wani kuma ya ce zamanin littafi ya wuce, a sayi na'ura. Kowanne yana da inda yake aiki. Abin da zai raba gardamar shi ne sanin wane bambancin launi ne hukuncinka ya rataya a kai, don ba duk kuskure ne yake da tsada ba.

## Abin da lambar take faɗa

Tsarin na Albert Munsell ne, malamin zane ɗan Amurka da ya fitar da shi a 1905, daga baya masu binciken ƙasa na ma'aikatar gona ta Amurka suka ɗauke shi, sauran duniya ta bi. Kowane launi yana da lamba mai gaɓa uku, kamar `10YR 5/3`. Gaɓar farko, wadda aka rubuta `Hue` a littafin, ita ce jinsin launin, wato ko ya karkata ga ja ko ga rawaya. Shafukan suna tafiya daga `10R` mai ja sosai, su bi ta `2.5YR`, `5YR`, `7.5YR`, `10YR`, har `2.5Y` da `5Y` masu rawaya. Lamba ta biyu, `Value`, haske ce: 2 kusan baƙi, 8 kusan fari. Ta uku, `Chroma`, ƙarfin launin ne: 1 da 2 toka-toka ne, 6 da 8 launi ne mai kaifi.

Launin ƙasa yana ba da labarin inda ruwa ke zama, kuma dalilin shi ne ƙarfe. Yawancin launin ƙasa tsatsar ƙarfe ce da ta lulluɓe ƙwayoyin yashi da laka. Inda iska ke shiga, tsatsar tana nan daram, ƙasa ta yi ja ko ruwan ɗorawa. Idan ruwa ya cika ƙofofin ƙasa ya zauna makonni, ƙananan halittun da ke cin ruɓaɓɓen tsiro sai su cinye iskar oksijin, su koma kan tsatsar, su mayar da ita ƙarfen da ke narkewa a ruwa. Ruwa ya kwashe shi, ƙwayoyin ƙasa su fito tsirara da launinsu na asali, wato toka-toka. Inda ƙarfen ya sake haɗuwa da iska, a ramin saiwa ko a tsaga, sai ya sake yin tsatsa, ka ga ɗigo-ɗigo ruwan goro. Wannan rodi-rodin ba ya gogewa da rani. Shi ya sa ramin da aka haƙa a watan Fabrairu, ƙasa a bushe ƙayau, zai gaya maka inda ruwa ya tsaya a watan Agusta.

Ga iyakar da aka fi aiki da ita: a ƙarƙashin fatar saman ƙasa, launi mai ƙarfi 2 ko ƙasa da haka, wanda haskensa ya kai 4 ko ya fi, ana ɗaukarsa alamar ruwa na kwanciya a wurin. Ƙarfi 3 bai shiga ba. Tazarar `10YR 5/3` da `10YR 5/2` ƙwayar launi ɗaya ce tak a shafi ɗaya, amma a rahoto ita ce tazarar "babu shaida" da "ruwa na zama a nan".

## Ma'aunan da zan bi

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi: shin kayan aikin zai raba ƙarfi 2 da 3 a kan danyar ƙasa, a fili? Na biyu, shin yana iya karanta ɗigo ɗan ƙarami daban da jikin ƙasar da ke kewaye da shi? Ɗigon sau da yawa bai wuce ƙwayar dawa ba. Na uku, shin wanda zai karɓi aikinka, malamin jami'a ne ko ma'aikata, zai yarda da lambar? Sai kuma kuɗi, daɗewa, sauƙin aiki, da irin kuskuren da kowanne ke jawowa ba tare da mai shi ya sani ba.

## Gonar da za mu gwada su a kai

A ɗauka mutum yana da gona da ta gangaro daga tudu zuwa bakin fadama, yana so ya dasa lemun zaƙi. Lemo ba ya jure saiwarsa ta zauna cikin ruwa, kuma ana son ya sami kusan mita ɗaya na ƙasar da ruwa ke tsanewa. An haƙa ramuka uku da rani, kowanne zurfin santimita 120.

Ramin tudu jangargari ne. Saman `7.5YR 4/3`, daga santimita 15 zuwa gindi `5YR 4/6` yana ƙara ja har `2.5YR 4/6`, launi ɗaya sumul babu ɗigo. Ruwa ba ya zama a nan.

Ramin bakin fadama samansa `10YR 3/1`. Daga santimita 20 jikin ƙasar ya koma `2.5Y 5/1` da zanen tsatsa a hanyoyin saiwa. A santimita 70, inda har yanzu da danshi, launin ya bar shafukan da aka saba ya shiga shafin `Gley 1` na ƙasar da ruwa ya daɗe a kai, ya yi `5GY 5/1`, toka-toka mai ɗan kore. Irin wannan sai an karanta shi nan take, domin da ya sha iska yake fara sauya launi. Wurin shinkafa ne, ko rake, ko kayan lambun rani.

Waɗannan biyun, gaskiya, ba sa buƙatar littafi. Duk manomin da ya girma a wurin ya san jigawa, ya san fadama, kuma zai gaya maka ba tare da ya haƙa ko taƙi ɗaya ba. Rigimar tana ramin tsakiya. Samansa `10YR 4/2`, amma wannan ƙarfi 2 ɗin ba a lissafa shi, ruɓaɓɓen tsiro ne ya dusashe launin. Daga santimita 20 zuwa 60, `10YR 5/4`, lafiya lau. Daga 60 zuwa 90 jikin ƙasar `10YR 5/3` ne, da ɗigon tsatsa `7.5YR 5/8`, da wasu tabo masu toka `10YR 6/2` da suka kai kamar kashi 10 cikin ɗari na fuskar ramin. Daga 90 zuwa ƙasa, tokar ta cinye jikin gaba ɗaya. Fassarar ita ce, a daminar da ta yi ruwa sosai ruwan ƙasa yana tasowa har wajen santimita 60 ya ɗan zauna, daga 90 kuwa yana daɗewa. Wanda ya ga tabon `6/2` zai ce a matsa da lemon sama, ko a dasa a kan tudun ƙasa da aka tara tare da yanka magudana. Wanda bai gan su ba zai ce ruwa sai a santimita 90, a dasa kawai, kuma sai bishiyoyi sun yi shekaru saiwa ta nutsa sannan ganye zai fara rawaya. Duk kayan da za mu duba, tambayar ita ce ko za su kama abin da ke tsakanin santimita 60 da 90 a wannan ramin.

## Sabon littafin Munsell

Fayil ne mai zobba, shafukansa na cirewa, ɗauke da ƙwayoyin launi fiye da ɗari huɗu. Kowace ƙwaya fenti ne da aka haɗa aka auna, aka manna a kati mai toka-toka, ba bugun injin buga takarda ba. Tsakanin ƙwayoyin akwai ƙananan huda. Ta nan ake leƙa ƙasar: ka riƙe ɗan gutsure a bayan shafin, ka zagaya da shi daga huda zuwa huda har launin ya ɓace cikin na wata ƙwaya. Wannan hudar ita ce rabin darajar littafin, domin ido ba ya iya riƙe launi a ka, sai ya ga biyun gefe da gefe. Bugun 2009 ya zo da shafukan `5R` da `7.5R` na ƙasa mai ja ƙwarai, da shafin fararen ƙasa, ban da shafuka biyu na ƙasar da ruwa ya daɗe a kai.

A ramin tsakiya, littafin zai kama tabon, muddin an bi ƙa'ida. A ɓallo ɗan curi daga bangon ramin, a karanta sabuwar fuskar da ta ɓalle, ba wadda shebur ya shafe ba. A ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan har launin ya daina ƙara duhu, amma kada ya kai ga sheƙi. A juya wa rana baya, hasken ya zo ta kan kafaɗa, a cire baƙin tabarau. Da sassafe da kuma bayan la'asar sakaliya hasken rana yana ja, sai ya sa ƙasa ta fi yadda take ja, kuma ranar da hazo ya yi kauri launuka kan dusashe, gara a jira tsakiyar rana ko a ɗebi curin a sake dubawa. Babban kuskuren sababbin hannu shi ne murje ƙasar a tafin hannu kafin a karanta. Idan ka murje `5/3` da `6/2` da `5/8` wuri ɗaya, za ka sami wani launi na huɗu da babu shi a ramin, shaidar kuma ta tafi. Ana rubuta jikin ƙasa daban, ɗigon tsatsa daban, tabon toka daban, kowanne da yawansa. A tsarin Amurka ƙasa da kashi 2 cikin ɗari kaɗan ne, 2 zuwa 20 matsakaici, sama da 20 mai yawa.

Rauninsa biyu ne ban da tsada. Ƙwayoyin suna tsufa: rana na kashe su, yatsa mai laka na ɓata su, kuma shafukan `10YR` da `7.5YR` da aka fi buɗewa su ne ke fara lalacewa. Kamfanin yana ba da shawarar sauyawa bayan kamar shekara biyu na aiki, ko da yake wanda ke rufe littafin da zarar ya gama, yana ajiye shi a inuwa, zai ci moriyarsa fiye da haka nesa. Na biyu shi ne idon mai karatu. Ƙwararru biyu kan saɓa da ƙwaya ɗaya a kan curi guda, kuma matsalar rarrabe ja da kore ta fi yawa a maza, da yawansu ba su ma san suna da ita ba. Idan hukunci ya rataya a kan 2 ko 3, a sa mutum biyu su karanta kowa shi kaɗai, sannan a gwama.

## Tsohon littafi na aro ko na hannu

Yawancin ɗalibai da wannan suke aiki: littafin sashe, wanda ya zagaya hannu shekara da shekaru. Wani lokacin yana da kyau, wani lokacin ya mutu ba a yi masa jana'iza ba. Hatsarinsa ya fi na kowane zaɓi dacewa da matsalarmu, domin ƙwayar da ta koɗe ko ta yi datti ƙarfinta ne ke raguwa. Idan ƙwayar `5/3` ta dusashe har ta koma kamar `5/2`, to ƙasar da ke da ƙarfi 2 na gaskiya za ta dace da ita, ka rubuta 3, ka ce ruwa ba ya zama alhali yana zama.

Ana iya gane lalatacce. Buɗe shafin `10YR` ka bi layi ɗaya daga hagu zuwa dama: matakan su tafi daidai, kada biyu su yi kama da juna. Duba ko tsakiyar ƙwaya ta fi gefenta duhu ko sheƙi, alamar yatsu ke nan. Gwama shi da shafin da ba a cika buɗewa ba, kamar `5Y`. Mafi kyau, ka kai shi kusa da sabo ka jera shafi da shafi. Ana sayar da shafuka ɗai-ɗai, saboda haka littafin da shafi biyu ne kawai suka gaji ana iya farfaɗo da shi da kuɗi kaɗan, kuma a ganina wannan ita ce dabarar da ta fi riba ga sashen da ba shi da kasafi. A kuma duba ko shafukan `Gley` suna ciki, don tsofaffin littattafai da yawa sun zubar da su, mai aikin fadama kuwa ba zai yi ba su ba.

## Ƙananan littattafai masu bin lambobin Munsell

Wanda aka fi sani shi ne na shirin GLOBE, shirin koyar da 'yan makaranta auna muhalli da aka fara a 1995. Ɗan littafi ne mai shiga aljihu, ba ya tsoron ruwa, kuɗinsa bai kai rabin na Munsell ba, kuma lambobinsa iri ɗaya ne. Launukansa ba su kai na babban yawa ba. Akwai kuma na Japan, na Oyama da Takehara, wanda ya fito a 1967, shi ma fenti ne na gaske kuma an yi ayyukan bincike da shi a ƙasashe da dama, sai dai sunayen da yake ba wasu launuka sun bambanta da na Munsell, don haka lambar ake rubutawa tare da sunan littafin.

A gonarmu ƙaramin littafi zai raba ramuka ukun ba wahala, zai kuma nuna cewa akwai toka a santimita 60 idan mai riƙe da shi ya san abin da yake nema. Inda yake gazawa shi ne idan launin ya faɗo a gurbin da littafin bai da ƙwaya, sai mutum ya tura shi ga mafi kusa. Don koyarwa da ba manomi shawara wannan ba matsala ba ce. Don rarraba ƙasa a rahoton hukuma, a fara tambayar mai karɓar aikin.

## Hoton shafuka a waya ko bugun firinta

A nan ba sai an daɗe ba. Fuskar waya haske take fitarwa, ƙasa kuwa haske take mayarwa, kuma wayoyi biyu ba sa nuna hoto ɗaya da launi ɗaya. Firinta tana haɗa launi da ɗigon tawada huɗu, kuma inda ta fi rauni shi ne launuka masu toka-toka, wato daidai inda muke buƙatarta. Shafin da aka buga a shagon kwafi zai iya koya wa ɗalibi yadda lambobin suke jere. Lambar da aka karanta da shi kuwa ba lambar Munsell ba ce, kuma sa ta a rahoto ya fi barin gurbin babu komai muni, don mai karatu zai gaskata ta.

## Kyamarar waya da katin daidaitawa

Wannan daban yake da na sama. Ana ɗaukar hoton ƙasar tare da wani kati da aka san launinsa, manhaja ta gyara hasken bisa katin, ta ba da lamba. Manhajar `LandPKS` tana cikin waɗanda suka zo da irin wannan. Kuɗinsa kusan babu, hoton kuma yana zama shaida da za a iya komawa gare ta.

Kyamarar waya an gina ta ne don hoto ya yi kyau, tana ƙara wa launi kaifi da kanta, kuma kowane samfuri da irin nasa ƙarin. Haske da jinsin launi takan kusanta, ƙarfin launi ne ke yawo. Ƙasa mai gargada tana yin ƙananan inuwoyi da ke rage haske, shi ya sa hanyar ta fi aiki a kan ƙasar da aka tankaɗe aka shimfiɗa, wanda kuma shi ne abin da muka ce yana kashe shaidar ruwa. A ramin tsakiya, amfanin wayar shi ne ɗaukar bangon ramin da tef ɗin awo a jiki, a ga inda tabon ya fara. Lambar kuwa a nemo ta wani wurin.

## Na'urar auna launi

Iri biyu ne. Akwai ƙanana masu haɗuwa da waya, irin na kamfanin Nix na Kanada, daga kusan dala 100 zuwa 'yan ɗaruruwa. Akwai na ɗakin gwaji irin na Konica Minolta, masu cin dubban daloli. Dukansu suna da fitilarsu a ciki, saboda haka hazo da la'asar da idon mai aiki sun fita daga lissafi. Auna curi ɗaya sau biyar, za ka sami kusan amsa ɗaya. Sukan ba da sakamako a tsarin `L*a*b*`, sai a juya shi zuwa lambar Munsell, misali da kunshin `aqp` a manhajar `R`.

Matsalar ita ce bakin na'urar. Tana auna da'irar da ta kai milimita da dama, ta ba da matsakaicin duk abin da ke ciki. Ɗora ta a santimita 70 na ramin tsakiya, za ta haɗa tsatsa da toka da jiki ta ba ka wani abu kamar ƙarfi 3 ko 4, lamba mai kyan gani har da ɗigon goma, amma ba ta ga tabon ba. Tana kuma son fuska shimfiɗaɗɗiya, laka na ɓata gilashinta, tana buƙatar caji da daidaitawa. Inda ta yi fice shi ne samfura masu yawa na saman ƙasa, busassu, tankaɗaɗɗu, wato aikin kimanta ruɓaɓɓen takin da ke cikin ƙasa.

| Zaɓi | Kuɗi | Daɗewa | Sauƙi | Raba ƙarfi 2 da 3 | Babban hatsari |
|---|---|---|---|---|---|
| Sabon Munsell | Sama da dala 200 | Shekaru, idan an kiyaye | Sai an koya | Yana yi | Haske da idon mai karatu |
| Tsohon Munsell | Aro ko rahusa | Ya danganta | Kamar sabo | Sai an gwada shi | Koɗewar da ba a lura ba |
| Ƙaramin littafi | Ƙasa da rabin na Munsell | Mai juriya | Mai sauƙi | Galibi | Gurbin launukan da babu |
| Hoto ko bugun firinta | Kusan kyauta | Ba ya daɗewa | Mai sauƙi | Ba ya yi | Lambar bogi |
| Kyamara da kati | Kuɗin kati | Ran wayar | Matsakaici | Ba tabbas | Gyaran launi na kyamara |
| Na'ura | Dala 100 zuwa dubbai | Sai da kulawa | Awo sauƙi, juyi wuya | A launi ɗaya sumul kawai | Haɗe ɗigo da jiki |

## Maganar ruɓaɓɓen taki

Da yawa suna sayen littafin ne da fatan zai maye musu gurbin ɗakin gwaji. A nan launi ya fi rauni. Gaskiya ne ruɓaɓɓen ganye da saiwa da kashin dabbobi suna sa ƙasa duhu, kuma lambar haske ce ke nuna hakan. Tsarin rarraba ƙasa na Amurka ma, kafin ya kira fatar sama baƙa mai albarka, yana neman haske 3 ko ƙasa da haka a jiƙe, 5 ko ƙasa a bushe. Amma ko shi bai tsaya a launi ba, sai da ya ƙara sharaɗin kabon, wato sinadarin da ake auna ruɓaɓɓen taki da shi, ya kai kashi 0.6 cikin ɗari a gwaji. Ana karanta jiƙaƙƙe da busasshe duka, a rubuta wanne ne wanne, domin jiƙawa kaɗai kan rage haske da mataki ɗaya ko biyu.

Ƙasashenmu na savana, inda kabon sau da yawa bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, suna da tarkuna na musamman. Baƙar laka mai tsagewa da rani, irin ta yankin tafkin Chadi inda ake dasa masakwa bayan ruwa ya janye, takan karanta `10YR 3/1`, amma takin cikinta kaɗan ne, ɗan abin da ke akwai ne ya manne wa laka ya rina ta. Rairayi kuwa ɗan taki kaɗan ke sa shi duhu, don ƙwayoyinsa manya ne, babu fili mai yawa da za a rina. A jar ƙasa tsatsa na rufe duhun, sai a raina abin da ke ciki. Gonar bayan gari da ake zuba wa toka da shara, ko wadda ake ƙonawa kowace shekara, gawayi ne ke baƙanta ta. Baƙaƙen ɗigo a can ƙasa kuma galibi manganis ne, alamar jiƙa da bushewa, ba taki ba.

A gonarmu, saman ramin fadama mai haske 3 ya fi na tudu mai haske 4 duhu, kuma mai yiwuwa ya fi shi taki, tun da ruwa na rage saurin ruɓewa. Amma ɗaya laka ne ɗaya jangargari, don haka ba za a ce ya fi da kaza ba. Launi yana aiki ne idan an gwama ƙasa iri ɗaya: ɓangaren da ake kai wa taki da wanda ba a kai wa, a tudu guda. Mai son lamba ya kai samfur a yi masa gwajin Walkley da Black, hanyar da aka fitar a 1934 wadda ɗakunan gwaji da yawa ke bi har yanzu. Ana ninka kabon da 1.724 a sami kiyasin ruɓaɓɓen taki, wato kabon 0.6 ya zama kusan kashi 1 cikin ɗari.

Ko a wajen ruwa ma akwai inda launi ke ruɗi, kuma babu kayan aikin da zai cece ka. Farin yashi toka-toka yake tun asali don ba shi da ƙarfe. Rodi-rodin da ke kusa da marmara na iya zama na wani zamani da ya wuce, haka ma fadamar da aka tare ruwanta da madatsa za ta ci gaba da nuna tokar da ta yi tun kafin a tare ruwan. Idan abin da launi ya faɗa ya saɓa wa abin da masu gonar suka sani, a kafa bututu mai huda a ramin, a riƙa auna ruwan cikin damina.

## Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Mai aikin binciken ƙasa da zai sa hannu a rahoto, ko ɗalibin digiri na biyu da zai rarraba ƙasa, sabon Munsell ne nasa, ko tsohon da aka jera da sabo aka sauya masa shafukan da suka gaji. Idan kuɗin ya yi wa mutum ɗaya yawa, ofis ko ƙungiya su sayi guda a riƙa karɓa da sa hannu, tare da dokar kada a ɗora ƙasa a kan ƙwaya.

Malamin gona mai ba da shawarar inda za a dasa itatuwa ko a yanka magudana, da malamin makaranta mai fita da ɗalibai, ƙaramin littafi ya ishe su, su haɗa da hoton bangon rami da tef a jiki.

Mai bibiyar ruɓaɓɓen taki a gonaki masu yawa ya ɗauki ƙaramar na'ura, ya busar da samfuran ya tankaɗe su iri ɗaya, ya kai wani kaso ɗakin gwaji don ya ga yadda lambar haske ta `L*` ke tafiya da kabon a irin ƙasarsa. Lissafin da ya samu a jigawa kada ya ɗora shi a kan laka.

Mai gona ɗaya da zai yanke hukunci sau ɗaya, kamar mai lemon nan, kada ya sayi komai. Ya kashe kuɗin wajen haƙa ramuka masu zurfin gaske a tsakiyar gangare, ya ɗauko wanda ke da littafi ya karanta masa su a wuni guda, ragowar kuɗin ya biya gwajin samfur biyu ko uku na saman ƙasa.